Fileksus birakiyal: yadda za ka zana shi daga saiwa zuwa dami, ka kuma gano inda rauni yake

Ɗaliban likitanci da ke zuwa koyon aiki wurinmu a Tawa, yawancinsu daga Yamai, kusan duka suna iya jero sunayen jijiyoyin hannu ba tare da tuntuɓe ba. Inda suke makalewa shi ne lokacin da aka ce musu ga mutum ya faɗo daga babur, ba ya iya ɗaga kafaɗa, amma yatsunsa suna damƙa, a faɗi inda jijiyar ta lalace. Mai jarrabawa kuwa wannan tambayar ya fi so, domin ita ce ke raba wanda ya haddace zane da wanda ya fahimce shi. Saboda haka zan bi fileksus ɗin, wato saƙar jijiyoyin da ke ciyar da hannu, daga inda ya fito a wuya zuwa inda ya zama dami a hamata, ina tsayawa kan ƙananan rassan da ɗalibai ke rainawa, tunda su ne shaidun da ke nuna tsayin da rauni ya faru. Duk inda na ce jijiya kawai, ina nufin jijiyar ji da motsi. Ta jini zan kira ta jijiyar jini.

Mataki na farko: lissafin da ke riƙe da zanen

Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka rubuta lambobi biyar a saman takarda: 5, 3, 6, 3, 5. Saiwoyi 5 ne ke haɗuwa su ba da kututture 3, kowane kututture ya tsage biyu a sami tsagi 6, tsagin su sake haɗuwa su zama dami 3, daga damin nan kuma manyan rassa 5 su fito. A aji za ka ji rasin, toron, dibiziyon da feso, su ne waɗannan. Kowace lamba tana da mazauninta a jiki, kuma dole ka haɗa ta da shi tun yanzu: saiwoyi suna tsakanin tsokokin sikalen a gefen wuya, kututture suna cikin kwarmin da ke saman kilabikil, wato ƙashin da ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa, tsagi suna bayan kilabikil ɗin, dami kuma suna cikin hamata bayan ƙaramar tsokar fektoral.

Mataki na biyu: saiwoyi

Ka jera C5, C6, C7, C8 da T1 daga sama zuwa ƙasa a gefen takarda, C na jijiyoyin wuya, T kuma na ƙirji. Tsofaffin littattafan Faransanci da wasu malamai suna cewa D1 maimakon T1, abu ɗaya ne. Abin da muke kira saiwa a nan shi ne reshen gaba na jijiyar da ta fito daga laka, bayan zaren motsi da zaren ji sun riga sun haɗe. Reshen baya yana komawa ga tsokokin ƙeya da gadon baya, ba ya shiga fileksus. Ƙasusuwan wuya 7 ne amma jijiyoyinsa 8, saboda kowace tana fita ta saman ƙashin da ke ɗauke da lambarta, sai C8 da ke fita tsakanin ƙashi na 7 na wuya da na farko na ƙirji. Saiwoyin suna ratsawa tsakanin sikalen na gaba da na tsakiya. A wasu mutane C4 na ba da gudummawa mai yawa, a wasu kuma T2, amma jimla ɗaya ta isa a kan wannan a takardar jarrabawa.

Abubuwa huɗu ne ke barin hanya tun a wannan tsayi, kuma a nan nake so ka daɗe. Daga C5 jijiyar dorsal ta allon kafaɗa ke fita, ta tafi ga tsokokin romboyid masu jawo allon zuwa tsakiyar baya. Daga C5, C6 da C7 doguwar jijiyar ƙirji ke haɗuwa, ta gangara gefen haƙarƙari ta ciyar da tsokar dantele ta gaba, wadda ke manne allon kafaɗa da ƙirji. C5 tana kuma taimaka wa jijiyar firenik, wadda asalinta C3, C4 da C5 ne, mai motsa diyafiram. Na huɗun ba a cika sa shi a zane ba, amma ka sa shi: zaren simfatik da ke zuwa ido da fuska yana fita daga laka ta saiwar T1, kuma yana rabuwa da ita kusa ƙwarai da ƙashin baya. Waɗannan huɗun suna fita kafin a kai kututture, don haka idan ɗayansu ya mutu, raunin yana can sama kusa da laka.

Mataki na uku: kututture da tsagi

Ka haɗa C5 da C6 su zama kututturen sama, ka bar C7 ta miƙe ita kaɗai ta zama na tsakiya, ka haɗa C8 da T1 su zama na ƙasa. Kututturen ƙasa yana kwance a kan haƙarƙari na farko, bayan jijiyar jini ta subkilabiye, dab da ƙololuwar huhu. Wannan maƙwabtaka ce ta sa ƙarin haƙarƙari a wuya, ko ƙari a ƙololuwar huhu, ke fara bayyana da ciwo a gefen ƙaramin yatsa da ramewar tsokokin tafin hannu.

Kututturen sama ne kaɗai ke ba da reshe. Ɗaya ƙarami ne, na tsokar da ke ƙarƙashin kilabikil, ba ya da wani tasiri a gadon asibiti. Ɗayan kuwa, jijiyar sufirasikafiler, shi ne shaida mafi amfani a duk fileksus ɗin. Tana ciyar da tsokoki biyu da ke bayan allon kafaɗa: ta saman ƙayar allon, wadda ke fara ware hannu daga jiki, da ta ƙasan ƙayar, wadda ita ce babbar mai juya damtse waje. Duk wanda ya rasa juya damtsensa waje gaba ɗaya, ka yi tunanin kututturen sama ko saiwoyinsa.

Tsagi ba su da wahala. Kowane kututture ya rabu gida biyu, na gaba da na baya, kuma a zanen jarrabawa babu reshen da ke fita daga gare su. Ma'anarsu ita ce abin riƙewa: tsagin gaba na tsokoki masu lanƙwasawa ne, na baya kuma na masu miƙewa.

Mataki na huɗu: dami

Ka fara da mai sauƙi. Tsagin baya guda 3 su haɗu su zama damin baya, wanda ke ɗauke da zare daga C5 har T1. Tsagin gaba na kututturen sama da na tsakiya su haɗu su zama damin waje, wato C5, C6 da C7. Tsagin gaba na kututturen ƙasa ya wuce shi kaɗai ya zama damin ciki, C8 da T1. Sunayen nan an ba da su ne bisa matsayin kowane dami a kewayen jijiyar jini ta aksiler, a kashinta na biyu da ke bayan ƙaramar fektoral, kuma ana yawan tambayar wannan. Ni kaina a jarrabawar baki na taɓa cewa daga ƙashin damtse aka samo sunayen; malamin bai ce komai ba, ya miƙo mini alli ya ce in zana jijiyar jinin tukuna, sannan in rataya damin a jikinta. Tun ranar haka nake zanawa, kuma haka nake ba da shawara.

Damin waje ya ƙare da muskulokutane, mai ciyar da bisef da tsokar birakiyal, da kuma ƙafar waje ta mediyan. Damin ciki ya ƙare da ulner, wadda tsofaffi ke kira kubital, da ƙafar ciki ta mediyan. Idan ka zana su daidai, muskulokutane, ƙafafun mediyan biyu da ulner za su ba ka siffar harafin M a gaban jijiyar jini. Damin baya ya ƙare da aksiler, tsohon sunanta sirkonfileks, mai ciyar da deltoyid, da kuma radiyal, mai miƙe gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu. Kafin ƙarshen, damin waje yana ba da jijiyar fektoral ta waje. Damin ciki yana ba da fektoral ta ciki da jijiyoyin fata biyu, ta cikin damtse da ta cikin sangalin hannu. Damin baya kuma yana ba da subsikafiler ta sama da ta ƙasa, da torakodorsal a tsakaninsu, wadda ke zuwa ga babbar tsokar dorsal.

Wani abu game da mediyan yana warware tambayoyi da yawa. Ƙafarta ta waje ita ce ke kawo mafi yawan jin fatar babban yatsa da yatsan nuni da na tsakiya, da motsin tsokar da ke kifa tafi ƙasa, alhali ƙafar ciki ce ke kawo motsin ƙananan tsokokin gindin babban yatsa. Ke nan duk ƙananan tsokokin cikin hannu, na mediyan da na ulner, daga C8 da T1 suke, musamman T1.

Ka zana wannan duka sau uku a jere ba tare da duba littafi ba, kana faɗin mazaunin kowane sashe da baki. Zanen da ya wuce minti 3 bai zauna ba tukuna.

Mataki na biyar: raunin sama da raunin ƙasa

Raunin C5 da C6 yana faruwa idan aka buɗe kusurwar da ke tsakanin wuya da kafaɗa da ƙarfi, kafaɗa ta yi ƙasa kai ya yi ɗaya gefen. Haka ke faruwa ga wanda ya faɗo daga babur a kan kafaɗarsa, haka kuma ga jaririn da kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa. Duchenne ya bayyana shi a jarirai a 1872, Erb kuma ya nuna tushensa a 1874, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Kada ka haddace siffar hannun, ka fitar da ita daga tsokokin da suka mutu. Deltoyid da ta saman ƙayar allo sun tafi, sai hannu ya rataya manne da jiki. Masu juya damtse waje sun tafi, masu juya shi ciki suka yi rinjaye. Bisef da birakiyal sun tafi, sai gwiwa ta miƙe, tafi kuma ya kife tunda bisef ne babban mai juya shi sama. Idan C7 ta shiga, wuyan hannu ma ya lanƙwashe. Sakamakon shi ne tafi yana kallon baya, kamar na mai karɓar na goro a ɓoye. Ji yana raguwa a gefen waje na damtse da sangalin hannu har babban yatsa, kuma bugun guduma a kan ƙarshen tsokar bisef a gwiwar hannu ba ya ba da amsa. A jariri za ka ga amsar Moro, wato ware hannuwa da yake yi idan ya razana, ta gefe ɗaya ce, amma idan ka sa masa yatsa a tafi zai damƙe.

Raunin C8 da T1 akasin haka ne: an fizge hannu sama, kamar wanda ya faɗo daga bisa itace ya cafki reshe. Augusta Klumpke ce ta bayyana shi a 1885. Kafaɗa da gwiwa lafiya lau, hannun ne ya mutu. Ƙananan tsokoki sun shanye, yatsu suka tanƙware kamar faratan shaho, gaɓar gindinsu a miƙe fiye da kima, gaɓoɓin gaba a lanƙwashe, kuma duka yatsu huɗu ne, ba biyu na ƙarshe kawai ba kamar a raunin ulner. Ji ya ɓace a ƙaramin yatsa da gefen ciki na sangalin hannu. Nan ne za ka dubi ido: fatar ido ta ɗan sauko, ɗigon baƙin ido ya tsuke, gefen fuskar ba ya gumi, wato alamar Claude Bernard da Horner, wadda ke cewa an tumɓuke T1 daga gindi. Raunin ƙasa shi kaɗai ba shi da yawa a zahiri, ko da yake yana da yawa a takardar jarrabawa. Abin da muka fi gani bayan mummunan hatsari shi ne na sama, ko kuma na dukan saiwoyi 5, inda hannu ke lilo babu motsi babu ji.

Mataki na shida: kututture ne ko dami

A nan ne masu maki da yawa ke rabuwa da saura. Damin waje da kututturen sama duka suna kashe lanƙwasa gwiwa, amma a raunin damin waje kafaɗa tana aiki, domin sufirasikafiler ta riga ta fita, aksiler kuma ta damin baya take bi. Damin ciki da kututturen ƙasa duka suna kashe ƙananan tsokokin hannu, amma kututturen ƙasa yana kuma aika zaren C8 zuwa radiyal ta tsaginsa na baya, don haka a rauninsa miƙe yatsu ma yana raunana, a raunin damin ciki kuwa yana nan da ƙarfinsa. Damin baya da radiyal duka suna sa wuyan hannu ya faɗi, amma idan deltoyid da babbar dorsal sun shiga, an wuce radiyal an kai dami. Raunin dami yakan biyo bayan gocewar kafaɗa, karayar kilabikil ko ta saman ƙashin damtse, sara ko harbi a ƙasan kilabikil.

Misali daga farko har ƙarshe

Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya zo mana mako 3 bayan ya yi karo da amalanken jaki da dare, ya faɗi a kan kafaɗarsa ta dama. An ɗauki hoto ba a ga karaya ba, an yi ɗauri a gida, kumburi ya saɓe, amma hannu ya ƙi tashi. Ya shigo yana tallafe da shi da hannun hagu. Ɗalibar da ke tare da ni ta ga kafaɗar ta fara zubewa, ta taɓa fatar da ke kan deltoyid ya ce bai ji ba, nan take ta ce, "Likita, aksiler ce." Amsar ba ta wauta ba ce, amma ta tsaya a shaida ta farko.

Na ce ta sa shi ya lanƙwasa gwiwa. Bai iya ba, kuma aksiler ba ruwanta da bisef, don haka jijiya ɗaya ba ta isa ta bayyana abin ba. Aksiler daga damin baya take, muskulokutane daga damin waje. Ko dai dami biyu ne suka lalace, ko kuma wuri ɗaya da ke sama da su wanda ya haɗa zarensu. Sai ta gwada tirisef da miƙe yatsu, ta same su da ƙarfi, wanda ya wanke damin baya, tunda da shi ne da radiyal ta faɗi gaba ɗaya. Ta manne masa gwiwa da jiki, ta riƙe ta a lanƙwashe, ta ce ya tura hannun waje: ko motsi babu. Sufirasikafiler ta shiga ke nan, kuma ita tana fita tun kafin tsagi, saboda haka raunin yana kututturen sama ko saiwoyin C5 da C6. Rashin ji ya bi gefen waje har babban yatsa, ya dace da haka. Damƙarsa lafiya, yana ware yatsu yana haɗa su, idanunsa daidai suke, wato C8 da T1 sun tsira.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce ke yanke makomar hannun: a wajen ƙashin baya jijiyar ta tsinke, ko daga laka aka tumɓuke ta? Muka cire masa riga muka tsaya bayansa. Da ya ja kafaɗunsa baya kamar soja, an ji romboyid na dama ya kumbura a ƙarƙashin yatsa. Da aka ɗaga masa hannun gaba aka ce ya tura, allon kafaɗar bai ɓullo kamar fiffike ba, wato dantele tana aiki. Hoton ƙirji ya nuna diyafiram bai hau sama a dama ba. Da aka ƙwanƙwasa kwarmin saman kilabikil, ya zabura ya ce wani abu kamar lantarki ya tsarga masa har babban yatsa. Wannan alamar Tinel ce, kuma samunta a wuya yana nuna akwai guntun jijiya mai rai da ke haɗe da laka. Amsar da za a rubuta ita ce raunin kututturen sama, C5 da C6, bayan gangiliyon, wato ƙullin ƙwayoyin jijiyar ji da ke dab da laka.

Da a ce romboyid da dantele sun mutu, diyafiram ya hau, babu Tinel, ga kuma zafi mai ƙuna a hannun da ba ya jin taɓi, da sai mu ce tumɓukewa ce kafin gangiliyon. Akwai wani abin mamaki da masu jarrabawa ke ƙauna a nan: a tumɓukewa, gwajin lantarki yana nuna jijiyar ji tana amsawa daidai alhali fatar ba ta jin komai, saboda ƙwayar jijiyar tana cikin gangiliyon, kuma har yanzu tana haɗe da zarenta na hannu, hanyarta zuwa laka ce ta yanke. Irin wannan ba ya warkewa da kansa kuma ba a ɗinke shi, sai dai a aro wata jijiya mai rai a juya ta ga tsokar da ake bukata.

Gwajin lantarki na tsoka ba ya faɗin gaskiya sai an kai mako 3 zuwa 4, domin sai a lokacin ne alamun mutuwar zare ke bayyana. Idan jijiyar buguwa kawai ta yi, ƙarfi yana dawowa cikin makonni. Idan zaren ya tsinke, yana tohowa ne kimanin milimita 1 a rana, tsoka kuma ba ta jira har abada. Bayan wata 12 zuwa 18 ba tare da jijiya ba, ko zaren ya iso ba ta cika amsawa ba. Ka auna da kanka: daga wuya zuwa bisef tafiyar watanni ce, daga wuya zuwa tafin hannun babba kuwa kusan shekara 2, shi ya sa raunin sama ya fi na ƙasa kyakkyawan fata. Saboda wannan lissafin ne ake tura babba ga likitan fiɗa idan babu alamar dawowa tsakanin wata 3 zuwa 6, a jariri kuma ake sa ido kan bisef a wata na 3. Saurayin namu mun koya wa yayansa yadda zai riƙa motsa masa kafaɗa da gwiwa kullum, musamman juya damtse waje don kada gaɓar ta ƙage, muka sa masa majanyi ya tallafi hannun, muka rubuta ƙarfin kowace tsoka daga 0 zuwa 5, muka kuma yi alama da biro a inda Tinel ya tsaya, domin idan ya dawo bayan wata ɗaya mu ga ko ya gangara.